Yadda ake tsara take da amsar farko don masu bincike da murya

Wanda ya rubuta bincike da yatsa yakan taƙaita, ya buga «batir sola fanka» ya tsaya. Wanda ya danna makirfo kuwa tambaya yake yi cikakkiya, kamar yana gaban mai shago a Kasuwar Dole: «Awa nawa batirin sola zai ja fanka?» Tun da Google ya saka Hausa cikin harsunan bincike da murya a shekarar 2024, irin wannan tambaya tana isa gare shi yadda aka faɗe ta. Aikin mai shafin intanet shi ne ya sa takensa ya yi kama da tambayar, jimlar farko kuma ta zama amsarta. Za mu bi misali ɗaya, na mai haɗa sola a Zinder.

Mataki na farko: ka samo tambayar daga bakin mutane

Kada ka zauna ka ƙirƙiro ta. Ka ajiye littafi a shago na sati biyu, duk tambayar da aka yi maka, baki da baki ko ta saƙon murya na WhatsApp, ka rubuta ta yadda ta fito, ba tare da gyaran nahawu ba. Za ka ga mutum ba ya cewa «tsawon lokacin aikin batir». Cewa yake yi «zai kwana?» ko «awa nawa zai ja fanka?». Wadda ta fi maimaituwa ita ce takenka.

In shafinka yana cikin Search Console, ka shiga Performance, ka tace Query da Custom (regex), ka saka wannan:

```
(?i)(yaya|ya ake|yadda ake|nawa|me ya sa|a ina|wane|wace)
```

Kada ka sa alamar ^ a farkonsa. Ita tana kama abin da ya fara da kalmar ne kawai, alhali a Hausa kalmar tambaya takan faɗo tsakiya: «awa nawa», «kuɗinsa nawa», «ana samunsa a ina». Ka kuma sani Search Console ba ya ware binciken murya daban da na rubutu. Tsawon jimlar da siffarta ta magana ne kawai za su nuna maka.

Mataki na biyu: take

Tambaya ɗaya, shafi ɗaya. Ga yadda na misalinmu zai kasance:

```html
<html lang="ha">
<title>Awa nawa batirin sola 100Ah zai ja fanka?</title>
<h1>Awa nawa batirin sola 100Ah zai ja fanka?</h1>
```

Haruffa arba'in da ɗan wani abu ke nan, kuma ya isa. Take in ya wuce haruffa 60 ko kusa da haka, Google yakan gutsure ƙarshensa a sakamakon bincike, don haka tambayar ta zo a gaba, sunan shago in dole ne ya zo a baya. An ƙara 100Ah ne saboda ba tare da shi ba tambayar ba ta da amsa ɗaya. Abin da ke cikin title da na h1 su yi daidai ko kusa da haka, domin in sun saɓa da yawa Google yakan ajiye takenka ya zaɓo wani rubutu daga shafin da kansa.

Sunan gari fa? A nan bai da amfani, lissafin batir ɗaya ne a Zango da Maraɗi. Amma tambaya irin «Ina ake gyaran inbata a Zinder?» dole garin ya shiga take. Sai dai mutane da yawa in suna magana Damagaram suke cewa, a rubuce kuma Zinder. Ka sa ɗaya a take, ɗayan a jimlar farko, kada ka jera su biyu da sunayen unguwanni biyar har taken ya koma kamar kiran ɗan kamasho a tasha.

Mataki na uku: amsar farko, inda aikin yake

Sakin layin da ke ƙarƙashin take kai tsaye shi ne mai yiwuwa a ɗauka a nuna a saman sakamako, ko waya ta karanta shi da ƙarfi. Mai sauraro ba ya ganin shafinka, ba ya ganin hoto, kuma sau ɗaya zai ji. Dubi yadda yawancin shafuka ke farawa:

«Assalamu alaikum masu bibiyarmu, barkanmu da sake haɗuwa. A yau za mu yi bayani kan wani abu da ke damun jama'a a lokacin zafi.»

Gaisuwa ce mai kyau, amma kalmomi sama da ashirin sun tafi ba a ambaci batir ba. Ka mayar da gaisuwar ƙasa da amsa, ka fara haka:

«Batirin sola na ruwa mai 12V da 100Ah, idan ya cika, zai ja fanka mai wat 50 kusan awa 10 ta inbata. Dalili shi ne rabin wutar batirin kawai ake ja don kada ya lalace, inbata kuma tana cin wani kaso. Tsohon batir ba zai kai haka ba.»

Jimlar farko ta maimaita kalmomin tambayar, batir da fanka da awa, ta kuma ba da adadi. Ta biyu ta ba da dalili, ta uku ta faɗi iyaka. Duka bai kai kalmomi 50 ba, kuma tsakanin 40 da 60 shi ne tsawon da aka saba gani a irin amsoshin da ake ɗaukowa. Lissafin kansa, 12 sau 100 ya ba da 1,200, rabinsa 600, a cire asarar inbata a raba da 50, ya jira sakin layi na gaba ga mai son ganin yadda aka yi.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne buɗewa da wakilin suna. «Zai kai awa 10» daidai ne ga mai kallon taken, amma in an ciro jimlar ita kaɗai, wa zai kai? Haka ma «kamar yadda kuke gani a hoton da ke ƙasa». Na biyu shi ne «ya danganta». Gaskiya ne ya danganta, amma ka zaɓi yanayin da ya fi yawa ka ba da adadinsa, sannan ka faɗi abin da zai sauya shi.

In amsar kuɗi ce, a yi hattara. A kasuwa ana cewa jaka goma ko dala ɗari, a rubuce kuma 10,000 da 500. Ka rubuta adadin da lamba tare da kalmar sefa, domin mai karatu daga Kano zai ɗauka naira ake nufi. Ka sa watan da aka ɗauki farashin a cikin jimlar.

Gwaji

Ka karanta wa wani amsar da ƙarfi ba tare da taken ba, ka tambaye shi wace tambaya aka amsa. In ya yi jim, jimlar farko ba ta tsaya da ƙafarta ba. Sannan ka sa harshen binciken murya a Hausa, ka ba mutum biyu ko uku wayar su yi tambayar, ka duba abin da allon ya rubuta, musamman yadda ya rubuta «sola» da «inbata» da lambobi. In wata kalma tana fitowa a gurguje kowane lokaci, ka nemi wadda mutane ke faɗa da ke fitowa daidai ka sa ta a take. Haruffa masu ƙugiya kuwa ka rubuta su daidai, ƙ da ɗ da ɓ, kada ka maimaita take sau biyu don masu buga k da d.

Wasu za su ce sai an ƙara FAQPage a shafi, wato alamar da ke sa Google ya nuna jerin tambayoyi da amsoshinsu a sakamakon bincike. A watan Agusta 2023 Google ya taƙaita nuna irin wannan sakamako ga sanannun shafukan gwamnati da na kiwon lafiya, don haka shagon sola ba zai ga wani bambanci a zahiri ba. Bayan gyara, ka ba shi sati uku zuwa huɗu, ka koma wancan tacewa na Search Console ka kwatanta Impressions na tambayar da na kafin gyaran.