Babi na 6: Jotin lakcar Turanci, yadda kunne zai riƙa yi wa biro jagora

Mu fara da ɗan lissafi. Malamin da yake lakca da Turanci yakan furta kalma wajen 120 zuwa 160 a minti ɗaya, shi kuwa hannu, ko na wanda ya saba rubutu sosai, da ƙyar yake wuce kalma 20 zuwa 30 a minti. Wato a cikin kalma biyar ko shida da malam ya faɗa, guda ɗaya tak biro ɗinka zai iya kamawa. To ka ga duk wanda ya shiga aji da niyyar sai ya rubuta komai ya faɗi tun kafin a fara, zai rubuta rabin jimlar farko da kyau, kafin ya ɗago kai malam ya yi jimla uku gaba, ya bar waccan a gutsure ya bi wata, a ƙarshe ya koma da shafi huɗu wanda shi kansa ba ya gane kansu. Tunda ɗaya cikin biyar za ka ɗauka, aikin shi ne ka san wacce ɗayar. Kuma malamin da kansa yake gaya maka, sai dai mutane da yawa ba su san yana faɗa ba.

Kalmomin sigina

Direban kirki ba ya shan kwana sai ya kunna sigina. Haka mai lakca, akwai wasu 'yan kalmomi da yake jefawa kafin ya juya akalar magana, su ba darasin ba ne, ba a rubuta su, amma su ne suke nuna maka abin da ke tafe. In ka ji ya ce "there are three main reasons", kar ka tsaya jiran komai, nan take ka rubuta 1, 2, 3 a jere daga sama zuwa ƙasa ka bar layi biyu-biyu a tsakaninsu. Ka gina ɗakuna ke nan tun kafin baƙin su iso, kuma in aka tashi ka ga lamba 2 babu kowa a ciki, ka san daidai abin da ya wuce ka da abin da za ka tambaya.

Sai dai fa kar ka zata zai bi maka su tsaf da "first", "second", "third". Malamai da yawa suna faɗin "first" ɗin, daga nan sai su sake da "another thing is" ko "also" ko "on top of that", ba za ka sake jin lamba ba har sai ya ce "finally". Duk waɗannan ma'anarsu ɗaya: a sauka ɗaki na gaba. Ni a ganina nan ne masu koyo suka fi zubar da maki, suna can suna jiran "second" alhali ya wuce tun ɗazu da wata riga.

Wasu siginonin kuma hutu suke ba ka. "For example" da "for instance" suna nufin misali ne zai biyo baya, kalma ɗaya ko biyu sun isa su tuna maka shi. "In other words" da "what I mean is" suna nufin zai maimaita abin da ya riga ya faɗa da sauƙaƙan kalmomi, in ka gane na farko ka huta, in ba ka gane ba to ga dama ta biyu, ka buɗe kunne. "By the way" kuwa ya sauka daga titi ne, zai ɗan yi hira, ajiye biro ka miƙe yatsu, amma ka kasa kunne da "anyway" ko "back to the point", da su yake hawowa.

Wanda ba a wasa da shi shi ne "however", da 'yan uwansa "but" da "on the other hand". Abin da ya zo bayansu yakan rushe ko ya rage ƙarfin abin da aka faɗa kafin su, kuma sau da yawa nan ne ra'ayin malamin na gaskiya yake. Wanda ya rubuta maganar farko ya tsaya gyara harafi bai ji "however" ba, ya tafi gida da kishiyar darasin a littafinsa, da kyakkyawan rubutu kuwa.

Gajarta kalma

Gajartawa ita ce take sayo maka lokacin da za ka saurari siginonin nan. Akwai waɗanda kowa ya sani, wasunsu ma daga Latin Turanci ya aro su: e.g. na nufin misali, i.e. na nufin wato, NB na nufin a lura da kyau. Ga kaɗan da za su ishe ka farawa:

```
w/ = with      w/o = without
b/c = because  esp = especially
→ leads to     ← caused by
↑ increase     ↓ decrease
= same as      ≠ not same as
```

Sauran kalmomin hanya biyu ake bi da su. Ko ka cire yawancin wasula ka bar muhimman baƙaƙe, people ta zama ppl, government ta zama govt, development ta zama dvpt, ko kuma ka yanke wutsiyar ka bar kai, information ta zama info, important ta zama imp. Kalmar da ita ce kan darasin, wadda za a ta maimaita ta sau talatin, rubuta ta cikakkiya sau ɗaya a saman shafi ka ba ta harafi ɗaya ko biyu, shi ke nan. Su "the" da "a" da "is" kuwa a bar su a bakin malam. Amma "not" da "never" da "only" ba a taɓa zubar da su, ƙanana ne amma su suke riƙe da ma'anar jimla.

Mu gwada da lakca ɗaya

A ce darasin kan zaizayar ƙasa ne. Malam ya buɗe da "today I want to look at soil erosion, and there are three main causes". Kai kuma ka rubuta soil erosion a sama ka ba ta SE, ka jera 1, 2, 3. Ya ce "first", ya yi bayanin yadda ruwan sama mai ƙarfi yake wanke ƙasar sama, ya yi jimla shida a kai, kai kalma huɗu da kibiya ɗaya ka rubuta. Ya ce "by the way", ya shiga labarin wata tafiya da ya taɓa yi, ka huta. Ya ce "anyway, wind is also a factor", to ka ji "also", lamba 2 ke nan, iska, musamman a busasshiyar ƙasa. Can sai ya ce "finally, and this is the key point", nan ka sa tauraro tun kafin ya ƙarasa, ya yi bayanin cewa in mutane suka sare bishiyoyi babu saiwar da za ta riƙe ƙasa. Har ka fara rufe biro sai ka ji "however", ya ce gangara ita kaɗai ba ita ce sanadi ba, tana dai ƙara wa abin gudu. Ga abin da ya kamata a gani a shafinka:

```
SE = soil erosion, 3 causes
1. heavy rain → topsoil lost
2. wind, esp dry land
3. * ppl cut trees → no roots → soil loose
BUT slope alone ≠ cause, only ↑ speed
```

Magana ta kusan minti goma ke nan ta koma layi biyar, kuma babu abin da ya ɓata sai labarin tafiya.

Yanzu duba kibiyar nan da kyau, don tana da wani tarko. Turanci yana iya faɗin sanadi ta gaba ko ta baya. In malam ya ce "leads to" ko "results in", abin da ya fara faɗa shi ne sanadi, kibiya ta kalli dama. In kuwa ya ce "is caused by" ko "is due to" ko "results from", abin da ya fara faɗa shi ne sakamako, sanadin yana zuwa daga baya, kibiya ta kalli hagu. Ka ga "results in" da "results from", 'yar ƙaramar kalma ɗaya ce ta raba su amma gabas da yamma suke. Mai sauri yakan ja kibiya dama a kowane hali, sai ka tarar ya rubuta wai zaizayar ƙasa ce take kawo ruwan sama. Yadda za ka kama wannan kuskuren mai sauƙi ne, ka karanta layin da Hausa kana cewa "shi ya jawo" a wurin kibiyar da ta kalli dama, in maganar ta zama shirme to kibiyar ce ta juya.

Tarko na biyu shi ne gajartawa mai fuska biyu. Yau ka rubuta con kana nufin condition, jibi ka rubuta con kana nufin conclusion, bayan wata guda ka buɗe littafi kana ta zare ido. Haka imp, important ce ko import ko improve? Maganinsa ka ware shafin ƙarshe na littafinka ka riƙa rubuta kowace gajartawa da ma'anarta guda ɗaya, kuma kar ka ƙirƙiri sababbi ashirin rana ɗaya, biyar a mako sun isa har hannu ya saba. In sai ka tsaya tunanin yadda za ka gajarta kalma, gara ka rubuta ta duka, ya fi sauri. Sunan mutum, shekara, adadi da sabuwar kalmar da ba ka taɓa ji ba, waɗannan a rubuta su cikakku. A adadi ma sai an yi hattara, fifteen da fifty kusan sautinsu ɗaya a kunnen mai koyo, in ba ka tabbata ba rubuta 15/50 ka sa alamar tambaya.

Alamar tambayar nan abokiyar tafiya ce. Duk inda magana ta kuɓuce maka ja layi, sa ? ka bi malam inda yake yanzu, kar ka tsaya jimamin abin da ya wuce ko ka juya kana tambayar na kusa da kai, sai ku yi asarar jimla biyar ku biyu. Wani malami a Jami'ar Cornell ta Amurka, Walter Pauk, ya fito da tsarin raba shafi tun shekarun 1950, inda ake barin fili ta hagu don tambayoyi da muhimman kalmomi, ko ba ka bi tsarinsa duka ba wannan filin na hagu ka bar shi, nan za ka cike giɓi. Kuma a ranar za ka cike, kafin ka kwanta, lokacin da muryar malam take kunnenka, don jotin da aka gajarta rabinsa yana takarda ne rabinsa yana kai, na kan kuwa ba ya jira.

Aikin gwaji

Nemi wata lakca ta Turanci da aka naɗa, wadda ba ta wuce minti biyar ba. A sauraro na farko kar ka rubuta darasin sam, sigina kawai za ka riƙa kamawa, duk wanda ka ji ka rubuta shi a layinsa. A na biyu ka yi jotin sosai ba tare da ka tsayar da muryar ba ko sau ɗaya. Ajiye takardar kwana biyu, sannan ka ɗauko ka bayyana wa wani darasin da Hausa daga ita kaɗai. Duk inda ka yi tuntuɓe ka zagaye wurin da biro, ka duba ko sigina ne ya wuce ka, ko kibiya ce ta juya, ko gajartawa ce ta ƙi karantuwa, ka zo da takardar aji na gaba.