Yadda ake ɓad da sawu a labarin bincike ba tare da an raina hankalin mai karatu ba

Marubucin labarin bincike yana buƙatar mutum guda wanda zargi zai faɗa kansa alhali ba shi ya aikata laifin ba, domin hankalin mai karatu ya tafi can yayin da mai laifin gaskiya yake yawo a gabansa. Inda aikin yake lalacewa shi ne lokacin da aka wanke wannan mutum, mai karatu ya waiwaya baya ya ga cewa babu wani dalilin da ya sa ya yi ta abubuwan da suka jawo masa zargi, sai dai kawai marubuci yana son ya yi su. Maganin wannan guda ɗaya ne a ganina: wanda ake zargi bisa kuskure dole ne ya kasance yana ɓoye wani abu na gaskiya, nasa na kansa, wanda ba shi ne laifin da ake bincike ba. Zan bi matakan da ƙagaggen misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe.

Ga misalin. Wani Alhaji mai sarin aya da wake yana da mangaza kusa da babbar kasuwar Maradi. Da safiyar Jumma'a aka iske akwatin ƙarfe a buɗe, sefa miliyan 2 da littafin lissafi ya ce suna ciki sun yi ɓatan dabo. Akwai Lawali, yaron shago mai riƙe makullin ƙofa, akwai kuma Malam Isuhu, wanda ya daɗe yana riƙe wa Alhaji lissafi.

Mataki na farko shi ne ka rubuta wa kanka abin da ya faru a gaskiya kafin ka fara tunanin ɓad da sawu. A labarinmu Malam Isuhu ne ya yi ta zarar kuɗin kaɗan-kaɗan cikin watanni yana gyara alƙaluma, da ya ji Alhaji zai yi ƙidayar dukiya domin fidda zakka sai ya bar akwatin a buɗe daren Alhamis, don a ce ɓarawo ya kwashe. Ke nan kuɗin ba su ma cikin akwatin a wannan dare. In ba ka san wannan ba tun farko, za ka ɗora wa Lawali shaidun da daga baya kai ma ba za ka iya warware su ba.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne bukatar natsuwa, shi ne ba Lawali sirrinsa. Sirrin yana da ma'auni: ya yi nauyin da zai sa mutum mai hankali ya yi ƙarya a gaban 'yan sanda, amma kada ya kai nauyin laifin da ake bincike. A ce sirrin Lawali shi ne yana zuwa zance wurin wata yarinya da dare. Wannan ya yi sauƙi da yawa, domin babu saurayin da zai yarda ya kwana a kwamisariya ana kiransa ɓarawo saboda kunyar faɗin sunan budurwa, kuma mai karatu zai yi tsaki ranar da ya ji. A ce kuma ya taɓa kashe mutum, to sirrin ya haɗiye labarin, batun miliyan 2 ya zama ƙaramin abu. Abin da ya dace yana tsakani. Lawali yakan ɗauki babur ɗin Alhaji da dare ba da izini ba, ya bi hanyar Ɗan Isa, garin da ke kusa da iyakar Najeriya, ya ɗauko jarkokin fetur da wansa yake shigowa da su ta bayan duwan. In ya faɗi inda yake daren Alhamis zai rasa aikinsa, zai kuma jefa wansa hannun hukuma. Duk wanda ya san nauyin zumunci a garin nan zai gane dalilin da ya sa yaron ya gwammace ya ce yana gida yana barci.

Ka lura cewa sirrin ya taɓa wani mutum, ba Lawali kaɗai ba. Wannan yana da amfani sosai, domin wanda yake kare kansa kawai yakan buɗe baki da zarar wuya ta yi wuya, amma wanda yake kare ɗan'uwansa zai iya jurewa har tsakiyar littafi ba tare da mai karatu ya ɗauke shi wawa ba.

Mataki na uku shi ne fitar da shaidu daga cikin sirrin, kuma kowace shaida ta zama mai fuska biyu. Kada ka ƙirƙiro alamar zargi daga iska. Ka zauna ka tambayi kanka: mutumin da yake safarar fetur da dare, wane sawu zai bari? Mai gadin layi zai gan shi yana buɗe mangaza bayan sallar isha'i, domin a ciki ake aje babur. Maƙwabciyarsu za ta ce ba ta ji shigowarsa ba sai dab da asuba. Za a samu jaka 150 a ƙarƙashin katifarsa, wasu daga ciki takardun naira. Mai karatu zai fassara waɗannan da cewa ya shiga ya sata, ya kai kuɗin wani wuri, ya canza wani kaso wurin 'yan canji domin kada a gane su. Kowace fassara tana da ma'ana, kuma kowace kuskure ce. Shaidu uku irin waɗannan sun isa gajeren littafi. In suka kai bakwai ko takwas, mai karatun da ya saba zai ce marubuci yana tura shi da ƙarfi, ya cire Lawali daga lissafi tun kafin lokaci.

A tare da su sai ka dasa alama ɗaya da ba ta shiga fassarar sata ba, ka faɗe ta a fili amma cikin wucewa. Warin fetur a rigarsa ya isa. Ana iya sa matar Alhaji ta yi ƙorafi a babi na biyu cewa yaron nan kullum sai ya zo mata gida yana warin mai, a wuce zancen. Marubucin Ingila Ronald Knox, cikin ƙa'idojin da ya fitar a 1929, ya shardanta cewa mai bincike ya nuna wa mai karatu duk alamar da ya ci karo da ita, kuma mai laifin ya zama wanda aka ambata tun farkon labari. Wannan adalci shi ne yake raba ɓad da sawu da yaudara. Kana da ikon karkatar da idon mai karatu, amma ba ka da ikon yi masa ƙarya da bakin mai ba da labari. Lawali zai iya cewa yana gida. Kai ba za ka rubuta cewa ya yi barci har safe ba.

Mataki na huɗu shi ne ka yanke wanda zai riƙa tura zargin. Zai fi daɗi in mai laifin ne da kansa, kuma ya yi shi da siffar mai ceto. Malam Isuhu ba zai nuna Lawali da yatsa ba. Abin da zai ce shi ne: “Alhaji, don Allah a bi a hankali, yaron nan ɗanmu ne. Ko da aka ce an gan shi da dare, ni ban yarda zai ci amanarka ba.” Da wannan magana ya sanar da Alhaji abin da mai gadi ya gani, ya kuma fita da sunan mutumin kirki. Ranar da gaskiya ta bayyana, mai karatu zai koma wannan shafi ya ga tarkon da idonsa.

A nan ina so in ja hankali kan wata hanya mai arha da nake ganin bai kamata a bi ba, wato ɗora zargi kan mutum saboda ko shi wane ne. Kishiya, ko baƙon da ya zo ci-rani, ko mai gadi ɗan wata ƙabila, ana jefa su cikin labari ana dogara da cewa mai karatu ya riga ya tsargu da irinsu. Wannan yana ƙara wa mutane mugun zato a rayuwa ta zahiri, kuma ko ta fuskar sana'a ba ya aiki, domin masu karatu sun ga kishiya mai harara sau da yawa har sun san ba ita ba ce. Haka nan kada ka sa Lawali ya riƙa zare ido yana rawar murya a kowane shafi. Ka bar shi mai fara'a, mai hidima, wanda mai karatu ba ya so a ce shi ne, sai shaidun su tilasta masa yarda yana baƙin ciki.

Mataki na biyar shi ne wankewa, kuma lokacinta yana da muhimmanci. Ka bar zargin ya yi ƙarfi har wajen kashi biyu cikin uku na labarin, sannan ka karya shi, domin a samu filin da mai karatu zai sake lissafi. Wankewar ta zo ta hanyar bincike. In wani ya faɗo daga sama a babin ƙarshe ya ce ai tare suka kwana, an zubar da duk wahalar da aka sha. A misalinmu mai binciken zai tuna ƙorafin warin mai, ya duba babur ɗin ya ga igiyoyin roba da tabon fetur a bayan sirdi, ya bi hanyar Ɗan Isa har ya samu mai shayin da Lawali yake tsayawa wurinsa. Daga nan nairar da ke ƙarƙashin katifa ta samu bayani, dawowar asuba ta samu bayani, ƙaryar ma ta samu.

Amma wankewa mai kyau ba ta tsayawa a kan sakin wanda ba shi da laifi, sai ta buɗe ƙofa zuwa ga mai laifin. Da Lawali ya ga asirinsa ya tonu, ba shi da sauran abin ɓoyewa, sai ya faɗi abin da ya gani: lokacin da ya shiga ɗaukar babur, akwatin yana buɗe tun a lokacin, ya ɗauka Alhaji ne ya kwashe kuɗin ya kai gida. Bai iya faɗin haka da farko ba, domin faɗinsa yana nufin amincewa cewa ya shiga mangaza. Wannan jumla ɗaya ta mayar da lokacin laifin baya, zuwa kafin isha'i, sa'ad da Malam Isuhu ne na ƙarshe da ya zauna kusa da akwatin yana rufe lissafin yini. Mai binciken sai ya nemi a kawo masa littafin lissafi da rasiɗan 'yan sari ya gwada su. Kada kuma ka manta da sakamakon sirrin: Lawali ya tsira daga tuhumar sata, amma dole labarin ya nuna yadda ta ƙare tsakaninsa da Alhaji kan babur, da abin da ya samu wansa.

Kafin ka saki labarin, ko a littafi ko kashi-kashi ta waya, ka gwada shi da mutum biyu ko uku da ba su san ƙarshensa ba. Ka tsayar da su a tsakiya ka tambaye su wa suke zargi da dalilinsu. In suka ce Lawali suka kuma kawo shaidun da ka dasa, aikin yana tafiya. In suka ce ba Lawali ba ne domin abin ya yi yawa a kansa, ka cire shaida ɗaya ka ƙara masa wani fage da zai nuna kirkinsa. In suka kama Malam Isuhu tun a nan, ka duba maganarsa ta ceto, mai yiwuwa ka maimaita ta fiye da sau ɗaya. Bayan sun gama sai ka ɗauki takarda ka jera duk abin zargin da Lawali ya yi, ka rubuta bayanin kowanne a gefensa daga cikin sirrin fetur. Duk layin da gefensa ya zauna babu komai, ko ka nemo masa dalili a cikin labarin ko ka goge shi.