Koyil mai kusurwa huɗu a filin maganaɗisu: kurakuran da na gaji da gyarawa

Duk shekara idan muka zo kan koyil ɗin waya mai kusurwa huɗu da aka ajiye tsakanin bakunan maganaɗisu biyu, amsoshin banza iri ɗaya nake tararwa a takardun ɗalibai, kai ka ce gadonsu ake yi daga aji zuwa aji. Abin haushin, kowa ya haddace τ = NIAB sin θ, inda τ ke nufin ƙarfin juyi, N yawan naɗi, I lantarkin da ke bin wayar, A faɗin fuskar koyil, B ƙarfin filin maganaɗisu, θ kuma kusurwa. Inda ake faɗuwa shi ne sanin abin da kowane harafi yake nufi a jikin wayar.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Koyil ne mai naɗi 50, tsawonsa santimita 8, faɗinsa santimita 5, lantarki mai amfiya 2 na bi ta cikinsa. Filin maganaɗisun tesla 0.4 ne, ƙarfinsa da inda ya fuskanta ɗaya ne a ko'ina. Sandar da koyil ɗin ke juyawa a kanta ta ratsa tsakiyarsa, tana bin dogayen gefuna, kuma ta gitta layukan filin. Tambaya ta ce shimfiɗar koyil ɗin ta yi digiri 30 da filin, a nemo ƙarfin juyi.

Kuskure mafi girma a nan yake. NIAB a nan shi ne 50 × 2 × 0.004 × 0.4 = 0.16. Ɗalibi na ganin 30 sai ya cusa ta cikin sin θ, ya samu 0.16 × 0.5 = 0.08, ya ja layi biyu a ƙasa yana murna. Ba daidai ba ne. Ita θ ta wannan ƙa'ida ba daga shimfiɗar koyil ake auna ta ba. Ana auna ta ne tsakanin filin da layin da ya tsaya cak a kan fuskar koyil ɗin. Idan shimfiɗa ta yi 30 da filin, wannan layi ya yi 60. Saboda haka amsar ita ce 0.16 × sin 60°, wajen 0.139 N·m. Wannan kuskuren ya taɓa cinye mini makin tambaya sukutum ina ɗalibi, shi ya sa ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kansa.

Maganina ba ya cikin littafi. Ina yanka kwali gwargwadon tafin hannu, in soka biro a tsakiyarsa ya tsaya tsaye. Kwalin shi ne koyil, biron shi ne layin da ake auna θ daga gare shi. Kafin ɗalibi ya taɓa kalkuleta sai ya riƙe kwalin yadda tambaya ta kwatanta, ya nuna mini inda biron yake kallo. Wasu malaman sun fi son a haddace ƙa'ida biyu, ta sin da ta cos. Ni ban yarda da wannan ba, domin wanda ya rikice a kan kusurwa zai rikice a kan wacce zai ɗauka. Ƙa'ida ɗaya da biro ɗaya sun isa. Sannan a gwada amsar da hankali: idan shimfiɗar koyil tana bin layukan filin, nan ne juyi ya fi ƙarfi, idan kuma fuskarsa ce ke kallon filin gaba da gaba, babu juyi ko kaɗan. Digiri 30 daga shimfiɗa ya fi kusa da na farko, don haka amsa dole ta kusanci 0.16. Ta yaya za ta faɗo har rabi?

Na biyu ya fi na farkon ɓata mini rai, saboda masu ƙoƙari ne ke yin sa. Sai ka ji ɗalibi ya ce ai jimillar ƙarfin da ke kan koyil a filin da yake daidai ko'ina sifiri ce, saboda haka ba zai motsa ba. Rabin maganar gaskiya ce. Kowane dogon gefe na ɗauke da ƙarfi NBIL, inda L ke nufin tsawon gefen, wato 50 × 0.4 × 2 × 0.08 = 3.2 N, kuma tunda lantarki hawa yake a gefe ɗaya yana sauka a ɗayan, ƙarfin biyu sun ba wa juna baya. Idan an haɗa su, sifiri ne. Amma ba a kan layi ɗaya suke ba. Direba idan ya kama sitiyari, hannun dama ya ja ƙasa na hagu ya tura sama, sitiyarin ba ya barin wurinsa, amma yana juyawa. Sifirin jimilla cewa kawai yake koyil ba zai gusa gaba ko gefe ba.

A nan ne kuma ake wani shirmen. Ku tambayi ajinku me ya sa juyi ke raguwa yayin da koyil ke juyawa, za ku ji an ce ƙarfin da ke kan dogayen gefuna ne ya ragu. Ina ya ragu? Dogon gefe yana gitta filin a digiri 90 ko ta yaya aka juya koyil ɗin, don haka 3.2 N ɗin nan yana nan daram. Abin da ke canzawa shi ne tazarar da ke tsakanin layukan ƙarfin biyu. Idan shimfiɗa na bin filin, tazarar ita ce faɗin koyil gaba ɗaya, mita 0.05, juyi ya zama 3.2 × 0.05 = 0.16 N·m. A misalinmu ta koma 0.05 × sin 60°, wajen mita 0.0433, wanda idan aka ninka da 3.2 zai ba da 0.139 ɗin da muka samu ɗazu. Ni kullum ta hanyoyin nan biyu nake lissafi, idan ba su haɗu ba na san akwai ɓaraka.

Masu ninka 3.2 da 0.05 sannan su sake ninkawa da biyu wai don ƙarfin biyu ne, ku daina. Ko dai ƙarfi ɗaya sau cikakken faɗi, ko ƙarfi biyu kowanne sau rabin faɗi.

Gajerun gefuna su ma ana yi musu rashin adalci, a ce babu ƙarfi a kansu. Akwai. A misalinmu sun yi digiri 30 da filin, kowanne na ɗauke da 50 × 0.4 × 2 × 0.05 × sin 30° = 1 N. Sai dai ƙarfin nasu yana bin sandar juyi ne, a kan layi ɗaya, suna adawa da juna. Iyakarsu su ja firam ɗin ko su matse shi, ba su iya juya shi.

Sauran ƙanana ne, ba sa buƙatar dogon surutu. Faɗin fuskar koyil ɗin murabba'in santimita 40 ne, wato 0.004 m², ba 0.4 ba, ku mayar da kowane gefe mita tun kafin ku ninka, ku huta. Kada a manta da N, naɗi 50 ba naɗi ɗaya ba ne. Dokar Fleming ta neman inda ƙarfi ya nufa ta hannun hagu ce, kuma yatsan tsakiya yana bin lantarki daga + zuwa −, ba hanyar da ilektoron ke bi ba.

Akwai kuma masu ɗaukar cewa duk inda juyi ya zama sifiri koyil ya samu wurin zama. Wurare biyu ne, θ = 0° da θ = 180°, kuma halinsu ya bambanta. A na farko, ka ɗan ture koyil ɗin zai dawo. A na biyu, ƙaramin taɓi ya isa ya kifar da shi ya nufi na farkon. Don gane wanne kake, naɗe yatsun hannun dama su bi hanyar lantarki a koyil ɗin; idan babban yatsa na kallon inda filin ya nufa, a θ = 0° kake. Dalilin ke nan injin lantarki mai aiki da batir yake juya hanyar lantarki a koyil duk rabin zagaye. Ba don haka ba, da koyil ɗin zai ɗan yi lilo a kusa da θ = 0° ne ya tsaya.