Darasi na 6: Yadda mai tsara zane zai rubuta bayanin kansa

Mai tsara zane da ke cin gashin kansa, wato wanda ba ya ƙarƙashin wani kamfani, sau da yawa ba shi da shago. Aikinsa yana cikin kwamfuta ko waya. Abin da mutane ke fara gani shi ne 'yan layukan da ya rubuta a ƙarƙashin sunansa a WhatsApp, ko Facebook, ko a bayan katinsa. Waɗannan layuka su ne bayanin kai. A wannan darasi za mu rubuta guda ɗaya tare, daga farko har ƙarshe.

Mu ɗauki misalin wani matashi a Garwa da ke tsara katin biki da allon shago. Ga abin da ya fara rubutawa:

"Ƙwararren mai zane. Muna yin kowane irin aiki mai inganci. Sai kun zo."

Ku karanta shi da ƙarfi, sannan ku sa kanku a matsayin Hajiya mai shirin aurar da 'yarta nan da mako uku. Ba ta san ko yana yin katin gayyata ba. Ba ta san garin da yake ba. Ya ce sai kun zo, amma bai faɗi inda za a zo ba. Kalmar "mai zane" ma tana iya sa ta ɗauka cewa mai sayar da atamfa ne. Za ta wuce ta nemi wani, ko da kuwa aikin wannan yaro ya fi kyau.

Gyaran farko shi ne a ambaci ayyukan da sunayensu, kamar yadda mai ba da aikin zai kira su da bakinsa: katin gayyatar aure da na suna, tambarin sana'a, allon shago, takardar talla, kalanda. Uku ko huɗu sun isa. Wanda ya jera ayyuka goma sha biyar, mai karatu ba zai riƙe ko ɗaya ba. Ka sa wanda ya fi kawo maka kuɗi a gaba.

A nan akwai wurin da rigima ta fi tasowa, don haka mu tsaya a kansa. Tsarawa daban, bugawa daban. Mai tsarawa yana shirya hoton katin a kwamfuta, madaba'a kuma ita ke fitar da shi a takarda. Mutane da yawa ba su san wannan bambanci ba. Idan ka ce wa Alhaji kuɗin kati kaza ne, yana iya ɗauka zai karɓi kati ɗari biyu a hannu, alhali kai kuɗin tsarawa kawai kake nufi. Ranar karɓa sai rai ya ɓaci, kuma kowa yana ganin shi ke da gaskiya. Jimla ɗaya a cikin bayanin kai tana kashe wannan wuta tun kafin ta kama: "Ina miƙa aiki a PDF wanda ya shirya don bugawa, kuɗin madaba'a daban ne." In kuma kai ne kake kai aikin madaba'a ka karɓo, to ka faɗi haka.

Bayan ayyuka sai ƙwarewa, wato abin da ka iya wanda na kusa da kai bai iya ba. Ba a nuna ƙwarewa da cewa "ni ƙwararre ne", domin kowa haka yake rubutawa. Matashinmu da aka matsa masa da tambaya, sai ga shi yana da abu mai daraja da bai taɓa ambata ba: yana rubuta Hausa da Fulatanci daidai, da haruffansu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. A Garwa da Marwa da Ngaundere, inda akasarin takardu da Faransanci ake tsara su, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Salon haruffa da yawa na kwamfuta ba su ɗauke da waɗannan haruffa. Idan aka yi amfani da irinsu, sai harafin ya fito da wata siffa daban da ta sauran, ko ƙaramin akwati ya zauna a gurbinsa, ko mai aikin ya cire lanƙwasar gaba ɗaya. Uban ango ba zai ji daɗi ba idan an rubuta "daurin aure" a katin ɗaurin auren ɗansa. Haka nan wanda ya iya jera Bismillah da rubutun Larabci daga dama zuwa hagu ba tare da haruffan sun rarrabu ba, ya rubuta hakan a fili. A ganina wannan layi ya fi duk wata kalmar yabon kai jawo aiki.

Sai dai kada ka rubuta abin da ba ka iya ba. Garuruwanmu kowa ya san kowa, kuma aiki ɗaya da ya lalace ana jin labarinsa a gidan biki.

Kashi na ƙarshe shi ne gayyata. Ka ba mutum hanya ɗaya ta samunka, ka gaya masa abin da zai aiko, ka faɗi lokacin da za ka amsa. Lambobi uku da adireshi biyu rikitarwa suke yi. Lambar wayar hannu a Kamaru tana da alƙaluma 9, tana farawa da 6, lambar ƙasa kuma 237 ce. Ka rubuta ta cikakkiya saboda 'yan uwa da ke Najeriya ko Chadi. Za ka iya yin mahaɗin da zai buɗe hira da kai kai tsaye a WhatsApp, ba tare da alamar + ko tazara ba:

```
wa.me/2376XXXXXXXX
```

Ka sa alƙaluma 8 na lambarka da ke bayan 6 na farko a gurbin X, sannan ka ba wani ya gwada a wayarsa kafin ka yaɗa.

Yanzu ga bayanin matashin bayan gyara:

"Ina tsara katin aure da na suna, tambarin sana'a da allon shago a Garwa. Ina rubuta Hausa da Fulatanci da haruffansu daidai, da Faransanci da Larabci. Katin biki yana ɗaukar kwana 2, da gyara sau 2 kyauta. Ina miƙa aiki a PDF, kuɗin madaba'a daban. Ana biyan rabi kafin alƙalami ta Orange Money ko MTN MoMo. Aiko mini da irin aikin da ranar da kake buƙatarsa ta WhatsApp, da rubutu ko da murya, zan amsa a ranar."

Ku lura da "ko da murya". Masu shaguna da iyaye mata da yawa sun fi sakewa da saƙon murya, kuma idan ba ka buɗe musu wannan ƙofa ba, nauyin rubutu zai hana su tuntuɓarka. Kwana biyun da gyara biyun na wannan matashi ne. Kai ka sa abin da za ka iya cikawa ko da an ɗauke wuta yini guda.

Wasu wurare ba sa ɗaukar dogon rubutu. Instagram haruffa 150 kawai yake bari, har da tazara. A can sai a rage: "Tsara katin biki, tambari da allon shago a Garwa. Hausa, Fulatanci, Faransanci. Aiko saƙo ta WhatsApp, zan amsa a ranar."

Aikin aji: kowa ya rubuta bayanin sana'arsa cikin jimla biyar ko shida, ko da ɗinki yake yi ko walda. Ka karanta wa na kusa da kai sau ɗaya, ka rufe littafin, ka tambaye shi aikin da kake yi, da abin da ka fi iyawa, da yadda zai same ka. Tambayar da ya kasa amsawa, koma ka gyara jimlar da ta shafe ta, ka kawo wa malami a zama na gaba.