Yadda Ake Shirya Ɗan Yaye Ranar Sallah a Jos

Da farko, idan za ki kai ɗinki, kada ki yanka wa yaro daga sabuwar shaddar babansa. Tana da tauri, tana goge wuya da hammata. Ki sayo yadin auduga mai laushi yadi ɗaya da rabi, kalar da ta kusanci ta baban. In mace ce, a yi mata bakin wuya da ragowar atamfarki, ya isa a gane 'yarki ce.

Ki ce wa tela ya sa roba a wando maimakon mazagi, saboda saurin canza kunzugu. Aikin wuya kuma a yi masa shafi ta ciki.

Ki wanke kayan kafin ranar, sitaci ya fita.

Da safe ki ciyar da shi tukuna, sannan singileti, sai riga. Safiyar Jos da sanyi, ki ɗora suwaita mai maɓalli a cire bayan Idi. Ki zura yatsu biyu a ƙugun wandon. In ba su shiga ba, ya matse. Yawan jan wuyan riga ko jan shati a fata alamar ƙaiƙayi ne, ki canza masa nan take. Hula kuwa, in ya tuɓe ta, ki ƙyale shi.