Darasi na Bakwai: Wane Mai Muke Zubawa a Tukunya?

Idan sanyin hunturu ya kankama, ku duba kwalbar manja da sassafe. Za ku ga ya daskare, sai an kai shi rana ko bakin murhu kafin ya zubu. Man gyaɗa na gaske da ke gefensa kuwa yana nan ruwa-ruwa. Wannan bambancin da ido ke gani shi ne tushen darasinmu na yau.

A cikin jinin kowane mutum akwai wani maiƙo da likitoci ke kira kolestarol. Jiki yana buƙatarsa, hanta ce ma ke yin mafi yawansa. A takardar gwajin asibiti za ku ga an raba shi. Wanda aka rubuta LDL shi ne mai liƙewa a bangon hanyoyin jini idan ya yi yawa, kamar yadda laka ke taruwa a magudanar ruwa. A hankali hanyar ta ƙuntata, wata rana a wayi gari da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Wanda aka rubuta HDL kuwa yana kwaso maiƙo ya mayar da shi hanta. Yawan LDL ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, kuma siriri ma yana iya samunsa. Gwajin jini kaɗai ke nuna shi. Ana so jimillar kolestarol ta tsaya ƙasa da 5.2, ko ƙasa da 200 idan ɗakin gwajin na amfani da ɗaya ma'aunin.

Kowane mai yana ɗauke da kitse iri biyu a gauraye: mai daskarewa da marar daskarewa. Mai daskarewa yana rage wa hanta ƙarfin janye LDL daga jini, sai ya taru. Idan aka sa marar daskarewa a madadinsa, LDL yakan sauka.

To ga mayukanmu huɗu. Cokalin cin abinci ɗaya yana ɗaukar mai kamar giram 14. Idan manja ne, rabinsa kitse mai daskarewa ne, wato giram 7. Idan man gyaɗa ne, kamar giram 2 da rabi. Man zaitun giram 2. Man sanfulawa, wanda ake matsowa daga ƙwayar wani fure mai ruwan ɗorawa, shi ne mafi ƙaranci, kamar giram 1 da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada kitse mai daskarewa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci. Ga babban mutum mai cin abinci daidai wa daida, wannan ya kama kusan giram 22 a yini.

Ku lura da tazarar. Tsakanin manja da man gyaɗa akwai nisa. Tsakanin man gyaɗa da man zaitun kuwa rabin giram ne kawai a cokali. Na tsaya a nan ne saboda abin yana damuna: mutum zai fito daga asibiti, an ce masa maiƙo ya yi yawa a jininsa, ya ɗauka ba shi da mafita sai man zaitun mai tsada. Da ya ga kuɗin kwalba ɗaya sai ya haƙura, ya koma yadda yake. Man zaitun mai ne mai kyau ƙwarai, abincin mutanen ƙasashe irin su Sifen da Italiya da Tunisiya, inda itacen yake girma. Wanda ke da hali ya saya. Amma man da matanmu ke matsewa wajen yin ƙuli-ƙuli ɗan uwansa ne a irin kitsen da ya fi yawa a cikinsu. Man sanfulawa yana saukar da LDL sosai, sai dai irin wanda aka saba sayarwa ba ya jure doguwar suya, yana saurin lalacewa a wuta.

Ba kuma cewa ake a kori manja daga gida ba. Jan launinsa yana zama bitamin A a jiki, wanda idon yara ke buƙata. Abin da ke ɓata shi shi ne ƙona shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari. Wanda ya yi haka ya kashe amfanin, kitsen mai daskarewa kuma yana nan bai tafi ko'ina ba.

Bari mu yi lissafi da tukunya guda. A ce gida ne mai mutum shida, uwargida tana zuba manja cokali 12 a miyar dare. Cokali 12 sau giram 7 ya ba mu giram 84. A raba wa mutum shida, kowa ya sami giram 14 daga miya kaɗai. Saura giram 8 ke nan ya cika 22, alhali ba a ƙirga ƙosan safe ba, ba a ƙirga nama mai kitse ba, ba a ƙirga man shanun da aka ɗiga a tuwo ba. Yanzu a ce ta rage man zuwa cokali 8: manja 4, man gyaɗa 4. Manjan ya ba da giram 28, man gyaɗan giram 10, jimilla 38. Kowa ya tashi da giram 6 da 'yan kai maimakon 14. Miya ba ta rasa launinta ba, an kuma yi tsimin cokali huɗu kowane dare.

Akwai tarko a kasuwa. Mun saba kiran kowane farin mai da suna man gyaɗa, amma da yawa daga cikin na jarka da na leda manja ne aka tace a masana'anta har ya rasa ja da ƙamshi. Kitsensa mai daskarewa ya ragu kaɗan ne kawai. Ku nemi a karanta muku abin da aka rubuta a jikin mazubin, wajen da aka faɗi daga me aka yi man. Ku shinshina, domin man gyaɗa na gida yana ƙamshin soyayyar gyaɗa. Idan kuma mai ya yi gari-gari fari a gindin kwalba da sanyin safiya, akwai alamar na kwakwar manja ne. Rubutun da ke cewa babu kolestarol a ciki kada ya ruɗe ku. Duk man da ya fito daga tsiro haka yake, har da manja. Abin tambaya shi ne yawan kitsensa mai daskarewa.

Kowane mai, ko na zaitun ne, ƙarfinsa ɗaya wajen sa ƙiba, don haka a riƙa aunawa da cokali, a daina tuttulawa daga kwalba. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi, yana kumfa, yana yauƙi, a zubar.

Wanda aka gwada aka ga LDL ɗinsa ya hau, ya canza mai ya koma gwaji bayan wata uku. Canjin mai yana rage shi ne daidai gwargwado. Wasu gadon abin suka yi, ko sun gyara abinci ba zai sauka yadda ake so ba. Idan likita ya rubuta magani, a ci gaba da sha tare da gyaran tukunya.

Aikin gida: Yau da dare ku ƙirga cokali nawa na mai aka zuba a miyar gidanku, da irin man, da yawan waɗanda suka ci. Ku rubuta lambobin uku a littafinku, ku zo da su aji mu yi lissafin tare a kan allo.