Darasi: Ƙidayar ƙwayoyin zarra a ɗakin ƙarfe da lissafin nauyinsa

Duk wanda ya ɗaga tukunyar alminiyam a kasuwar Dole ya san ba ta kai ta baƙin ƙarfe nauyi ba. Dalilin yana cikin nauyin ƙwayoyin zarra da yadda suke jere, kuma ana iya lissafa shi da alƙalami. A cikin ƙarfe ƙwayoyin suna zaune bisa tsari ɗaya da ke maimaita kansa, kamar tubali a gini. Mafi ƙanƙantar yankin da ke maimaituwa za mu kira shi ɗaki. Ɗakin da muke magana a kai, tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk ɗaya ne, kamar dunƙulen magi.

Ku samo dunƙule takwas. Ku jera huɗu a ƙasa, biyu-biyu, ku ɗora huɗu a kansu. A can tsakiya akwai wuri ɗaya inda kusurwoyin takwas ɗin suka haɗu. Ƙwayar da ke zaune a nan ta ɗakuna takwas ce, don haka rabon kowane ɗaki kashi ɗaya cikin takwas ne. Ƙwayar da ke tsakiyar bango kuwa kamar katangar da ke tsakanin maƙwabta biyu take, rabi naka, rabi nasa. Wadda ke can cikin tsakiyar ɗaki ba ta da abokin rabo.

Idan ƙwayoyi a kusurwa takwas kaɗai suke, 8 × 1/8 ya ba da ƙwaya 1. Baƙin ƙarfe yana da ƙarin ɗaya a tsakiyar ɗaki, ya zama 2. Alminiyam da jan ƙarfe suna da ƙwaya a tsakiyar kowane bango, bangon kuma shida ne idan an haɗa da daɓe da rufi: 6 × 1/2 ya ba da 3, a tara da 1 na kusurwoyi, 4 ke nan. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, domin a zane ido yana ganin ƙwaya 14, amma mallakar ɗakin 4 ce kacal.

Yanzu mu ɗauki alminiyam. Abin da muke nema shi ne giram nawa ke cikin santimita kubik ɗaya:

ρ = (Z × M) ÷ (a³ × N)

Z shi ne yawan ƙwayoyin ɗaki, wato 4. M nauyin mol ɗaya ne, giram 26.98; mol kuwa tarin ƙwayoyi ne mai ƙayyadadden adadi. N yawan ƙwayoyin da ke cikin mol ɗaya, 6.022 × 10²³, lambar Avogadro. Shi kuma a tsawon gefen ɗaki ne, pikomita 405. Wanda ya saba da waƙafi tun lakol, ya rubuta 26,98, ba laifi.

Kafin komai a mayar da gefen zuwa santimita. Pikomita ɗaya 10⁻¹⁰ ne na santimita, don haka a = 4.05 × 10⁻⁸. Sai a ninka shi da kansa har sau uku: 4.05 × 4.05 × 4.05 = 66.43, 10⁻⁸ kuma ya koma 10⁻²⁴. Girman cikin ɗakin ya zama 6.643 × 10⁻²³ santimita kubik. A ninka da N, 10⁻²³ da 10²³ su cinye juna, a samu 40.0. A sama kuwa 4 × 26.98 = 107.92. A raba da 40.0, amsa 2.70. Ma'ana, alminiyam mai girman lita ɗaya kilo 2.7 ne, alhali ruwa lita ɗaya kilo 1 ne.

Amsar da kanta tana tona kuskure. Wanda ya sa 14 a madadin 4 zai samu 9.44, wato tukunyarsa ta fi jan ƙarfe nauyi, wanda nasa 8.96 ne, hannu ma ya san ba haka ba ne. Wanda ya samu 1.35 ya ɗauki tsarin baƙin ƙarfe ya ɗora wa alminiyam. Idan aka ga 12.15 a wurin 66.43, an ninka 4.05 da 3 ne. In kuwa amsa ta tashi miliyoyi, an bar gefen a mita, an sa 10⁻¹² inda ya kamata a sa 10⁻¹⁰.

Wannan lissafi na tsantsar ƙarfe ne marar rami. Tukunyar da aka zuba daga narkakkun gwangwanaye da tsofaffin kayan mota tana da gauraye da ƙananan ramukan iska, saboda haka in an auna ta, za ta ɗan kauce wa 2.70.

Aikin gida: baƙin ƙarfe, gefen ɗakinsa pikomita 286.6, M kuma giram 55.85. Ku fara tantance Z da dunƙulenku kafin ku taɓa alƙalami. Amsa za ta faɗo kusa da 7.9.